Kwana Talatin na Neman Aiki a Garwa: Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba da ta Gama Karatun Lissafin Kuɗi

Asalin lamarin: Yuli zuwa Satumba 2023

Yarinyar 'yar Garwa ce a arewacin Kamaru, shekarunta 23, Bahaushiya ce da ke jin Fillanci kamar harshen gida, karatunta kuma da Faransanci ta yi shi. A watan Yulin 2023 ta gama digirin farko na shekara uku, wanda a nan ake kira lisans, a fannin lissafin kuɗi a Jami'ar Ngaundare. Abin da ta taɓa yi na aiki shi ne sitaj, wato zaman koyon aiki, na wata biyu a ofishin kuɗi na wani asibiti mai zaman kansa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta tana sana'ar cikin gida, babu kuma wani ɗan'uwa na kusa da ke zaune a babban ofishi.

Daga dawowarta gida zuwa ƙarshen Satumba, a waya ta yi duk neman da ta yi. In ta ga sanarwar aiki a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ko a shafukan intanet, sai ta tura takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ke ce wa sebe, da wasiƙa guda ɗaya da ba ta canza komai a cikinta sai sunan wurin. A ƙiyasinta ta tura kamar 40. Ba ta rubuta inda ta tura ba, ko ranar da ta tura, don haka ko da an kira ta ba za ta iya tuna wane aiki ake magana a kai ba. Babu wanda ya kira.

Kawunta, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya daɗe yana aikin sito kafin ya ajiye, shi ya kawo shawarar a ware kwana 30, daga Litinin 2 ga Oktoba zuwa Talata 31 ga Oktoba, a yi neman kamar aikin albashi. Ya saya mata littafin rubutu, ya ba ta sefa 40,000 na kashewa. Ƙa'idar da suka tsayar ita ce takardun neman aiki 5 kowace rana, mutum 3 da za ta tuntuɓa kowace rana, Lahadi hutu. Kowane dare za ta rubuta wurin da ta nema, ta wace hanya, wanda ya karɓa, abin da aka ce mata, da abin da ta kashe. Daga wannan littafi aka ɗauko duk alƙaluman da ke ƙasa.

Rana ta 1 da ta 2: haɗa dosiye

Kwana biyun farko a kan haɗa dosiye suka tafi, wato tarin takardun neman aiki. Takardar digirin kanta ba ta fito ba tukuna, sai takardar shaidar cin jarrabawa da takardun maki. Ta yi kwafin waɗannan, da na bakaloriya ta kammala sakandare, da takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, ta kai aka buga musu hatimin tabbatarwa. A Janairun 2023 tambur na haraji, wato kan sarkin da ake manna wa irin waɗannan takardu, ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500, kuma biyar ta saya, 7,500 ke nan. Ta nemi takardar kotu ta shaidar cewa ba a taɓa ɗaure ta ba, wadda ake karɓa a kotun inda aka haifi mutum, wata uku kawai kuma take aiki. Da wannan da hotuna, kuɗin takardu ya kai 11,000.

Kawun ya hana ta raba kwafin da aka buga wa hatimi. Ya ce a ajiye su a gida, a riƙa saka kwafinsu na sefa 25 a cikin ambulan, sai wurin da ya nemi na hatimin da bakinsa. A rana ta 2 kuma ta je ta yi rajista a ofishin FNE na Garwa, wato asusun samar da aiki na ƙasa da aka kafa a 1990. Rajistar kyauta ce. An shigar da sunanta, aka kuma yi mata bayanin shirinsu na masu digiri, inda asusun da kamfanin da ya ɗauki ɗalibi ke raba nauyin alawus ɗinsa na zaman koyon aiki. Shirin yana buƙatar a sami kamfanin da ya yarda ya shiga.

Rana ta 3 zuwa ta 9: biyar a rana

Daga 4 zuwa 10 ga Oktoba akwai ranakun aiki shida. Ta cika ƙa'idar takardu cif: 30. A ɓangaren mutane ta rubuta 17 cikin 18.

Da aka buɗe littafin, ga yadda talatin ɗin suka kasu. Goma sha tara ta imel ko ta shafin intanet suka tafi, 11 ta kai da hannu. A cikin 19 ɗin, shida ne kawai suka dace da ita, wato aikin a arewa yake kuma ba a nemi tsohon hannu ba. Takwas sun nemi wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar yana aiki. Biyar a Duwala ko Yawunde suke, inda ba ta da masauki kuma mahaifinta bai amince ta je ba. Ta san da haka lokacin da take turawa. Sanarwar da ta dace ta ƙare tun rana ta 5, ƙa'ida kuma ta ce biyar, sai ta riƙa cike gurbin da duk abin da ta samu don kada shafin ranar ya kwana da giɓi.

Na hannun ma sun rabu biyu. Bakwai a wurin maigadi ta bar su, domin ya ce mata shugaban ba ya nan, ta bari zai miƙa. Huɗu ne suka kai ga teburin karɓar wasiƙu, inda sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinta ya mayar mata. Wannan kwafin mai hatimi shi ne kaɗai shaidar cewa takarda ta shiga gidan, kuma da shi ake komawa a tambayi inda aka kwana. Bakwai ɗin can ba ta da abin da za ta nuna a kansu.

Mutum 17 da ta tuntuɓa, 12 'yan ajinsu ne waɗanda su ma neman suke yi. Saƙon da ta tura musu kusan iri ɗaya ne: in kun ji wani abu ku sanar da ni. Sauran biyar dattawan unguwa ne da abokan mahaifinta, waɗanda ta roƙa su taimaka mata da aiki. Duka biyar sun yi mata addu'a, sun ce za su duba.

Amsa biyu ta samu a wannan mako. Ɗaya saƙon na'ura ne da ke cewa an karɓi takardarta. Ɗayar ta zo a rana ta 6, da sunan wata ƙungiyar agaji da ke aiki a yankin Marwa: an zaɓe ta, ta tura sefa 5,000 ta waya na buɗe dosiye kafin ƙarfe shida na yamma. Ta tura. Washegari aka nemi 25,000 na gwajin lafiya, nan ta kai wa kawunta wayar. Alamun duk suna cikin saƙon farko. Adireshin imel ɗin na kyauta ne, wanda kowa ke iya buɗewa, ba na ƙungiyar ba. An ce an zaɓe ta ba tare da an taɓa jin muryarta ba. Lambar karɓar kuɗin da sunan wani mutum take. Albashin da aka ambata ya ninka abin da sabon ma'aikaci ke samu, kuma an ba ta awoyi kaɗan don kada ta tsaya tambaya. Ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki, da yawansu ma suna rubuta hakan a ƙasan sanarwarsu. Sunan ƙungiyar kawai aka ara.

Zuwa daren rana ta 9 ta kashe 32,500: takardu 11,000, 'yan moto masu haya da babur 9,000, kwafi da ambulan 4,500, data 3,000, da 5,000 da ta tafi. Saura 7,500, kwana 21 kuma na gaba.

Rana ta 10: zaman duba littafi

Ranar Laraba 11 ga Oktoba ba ta fita ba. Kawun ya zo bayan la'asar, suka zauna da littafin. Tambaya ɗaya ya riƙa yi mata a kan kowane layi: wa ya karanta wannan? A cikin 30, ba ta iya faɗin sunan mutum ko muƙaminsa ba sai a uku.

Ta ce, "Kawu, ai na cika abin da ka ce."

Ya ce, "Kin cika, 'yata. Yanzu lissafin za mu canza. Daga gobe takarda ba ta shiga lissafi sai kin san hannun da za ta faɗa."

Sabuwar ƙa'idar ta zama kashi uku, biyu-biyu kowace rana. Takardun neman aiki 2, kowace da sunan wanda za a kai wa ko muƙaminsa, da wasiƙar da aka rubuta don wurin. Mutum 2, kuma sai wanda yake aiki ko yake da kasuwanci, sai an yi magana baki da baki ko a kira, sai kuma ta tashi da ɗayan abu uku: sunan wani da za ta gani, labarin lokacin da wurin ke ɗaukar mutane, ko izinin ta kawo takardarta. Wanda ya ce za mu duba kawai, za a rubuta shi amma ba a ƙirga shi. Na uku, bibiya 2: komawa ko kiran wurin da aka riga aka kai takarda, bayan kwana biyar zuwa bakwai.

Suka kuma jera wurare 40 a cikin Garwa waɗanda ke da buƙatar mai riƙe lissafi, ko sun yi sanarwa ko ba su yi ba. Akwai ofisoshin akantoci masu riƙe wa 'yan kasuwa littafi, akwai manyan 'yan sari na shinkafa da sukari da siminti da kayan moto, akwai makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ƙananan bankunan ajiya da lamuni. Manyan kamfanoni irin su SODECOTON, kamfanin auduga mai hedikwata a Garwa tun kafuwarsa a 1974, da ƙungiyoyin agaji, an bar su a jerin amma a ƙasa, domin hanyar ɗaukar ma'aikatansu doguwa ce, ba ta wata ɗaya ba.

Dalilin sa 'yan sari a sama shi ne haraji. A tsarin wannan shekarar, ɗan kasuwar da cinikinsa ya kai sefa miliyan 50 a shekara dole ya riƙe cikakken lissafi, ya karɓi harajin kaya na kashi 19.25 cikin 100, ya shigar da bayanin harajin wata ta intanet kafin 15 ga wata mai bi, sannan ya haɗa bayanin shekara. Alhazai da yawa sun iya ciniki ƙwarai amma ba su yi boko da Faransanci ba. Akanta na waje ke yi musu bayanin haraji, shi kuma yana shan wahala in takardun sito a watse suke. Irin wannan gurbi ba a liƙa shi a bango. Alhaji ba zai damƙa littafin kuɗinsa ga wanda bai san gidansu ba, don haka yakan tambayi akantansa ko maƙwabcinsa a kasuwa.

An gyara sebe ɗin a daren. A da shafi biyu ne, ya fara da makarantar firamare. Aka mayar da shi shafi ɗaya, aka ɗora sitaj ɗin asibiti a sama da abin da ta yi a zahiri: rubuta kuɗin shiga da fita na kowace rana, jera takardun ciniki, ƙirga kuɗin akwati da yamma. Aka rubuta harsunanta uku a fili, Faransanci da Hausa da Fillanci, abin da ta ɗauka ba ya cikin abin faɗa. Don rage kuɗin moto, aka raba garin: rana ɗaya babbar kasuwa da kewayenta, wata rana Yelwa, wata Rumde Ajiya, fita ƙarfe takwas, dawowa kafin azahar. Mahaifiyarta ta ƙara mata 15,000 daga kuɗin adashi.

Rana ta 11 zuwa ta 20: biyu, biyu, biyu

Ranakun aiki tara ne daga 12 zuwa 21 ga Oktoba, ƙa'ida ta ce 18 a kowane kashi. Ta yi takardu 13, mutane 16, bibiya 15. Ba ta cika ko ɗaya ba.

Kwana ukun farko sun lalace a ɓangaren akantoci saboda kuskuren lokaci. Ta fara da ofisoshin akantoci daga 12 zuwa 14 ga wata, daidai lokacin da suke rige-rigen shigar da bayanin harajin Satumba. Babu wanda ya ba ta minti biyar. Wata ma'aikaciya a ɗaya daga cikinsu ce ta ce mata ta dawo bayan 16 ga wata, kuma da ta koma a makon da ya biyo baya, mutanen nan da suka kore ta sun ba ta kujera.

Matsala ta biyu a gida take. Mahaifinta bai ji daɗin ta riƙa shiga rumfunan manyan 'yan kasuwa ita kaɗai ba, ya kuma faɗa. Aka sasanta a kan ƙaninta zai raka ta kasuwa, ofisoshi kuma ta je ita kaɗai. Wannan ya rage mata ranakun kasuwa, domin yaron ɗan makaranta ne, amma ya sa ta juya ga wata hanya da ba a sa a jerin ba: matan gidaje. Gwaggonta ta san matan 'yan kasuwa da yawa ta hanyar biki da suna da Islamiyya, kuma waɗannan matan sun san wanda yaron sitonsa ya bar aiki tun kafin kasuwa ta sani.

Abin da ya fi canza sakamako shi ne irin maganar da take yi. Ta daina cewa a taimaka mata da aiki. Bayan gaisuwa da faɗin 'yar gidan wa ce, sai ta yi tambaya uku: wa ke riƙe muku lissafi a nan, wane lokaci ne aikin ya fi yi masa yawa, kuma wa kuke ganin ya kamata in je in gaisar? Roƙon aiki yana sa mutum cikin kunya, domin yawanci ba shi da aikin bayarwa, sai ya fake da addu'a a rabu lafiya. Tambayar suna kuwa abu ne da kusan kowa ke da shi a baki, bayar da shi kuma ba ya cin komai. Cikin mutum 16, tara sun ba ta sunan wani, huɗu sun kira mutumin a gabanta.

Sarƙar da ta kai ga aiki ta fara a rana ta 13. Gwaggon ta kai ta gidan wata Hajiya mai riƙe kuɗi a wata makaranta mai zaman kanta. Hajiyar ta ce makarantarsu na iya buƙatar mai taimaka mata, ta kuma ba ta lambar akantan da ke duba musu littafi. A rana ta 16 ta gan shi. Ya ce ofishinsa ba gurbi, amma akwai wani Alhaji ɗan sarin shinkafa da man girki da ke ba shi ciwon kai duk wata: takardun shigar kaya a buhu ake kawo masa su, a cakuɗe. Ya karɓi sebe ɗinta ya ce ta kira shi bayan mako guda. Ta rubuta ranar kiran a shafin ranar.

A wannan tsakani bibiya ta haifar da kiran farko. Ɗaya daga cikin takardu huɗun nan masu hatimi na makon farko ta wani ƙaramin bankin lamuni ce. Da ta koma da kwafinta a rana ta 12, sakataren ya lalubo dosiyen ya sa shi cikin na waɗanda za a gwada. Ranar 18 ga Oktoba, rana ta 17, ta zauna jarrabawar rubutu tare da wasu, ta faɗi. Tambaya biyu suka kayar da ita. Ta farko, kaya na sefa 119,250 har da haraji, a fitar da farashinsa kafin haraji. Ta cire kashi 19.25 daga jimlar ta samu 96,294. Amsar ita ce a raba da 1.1925, wanda ke ba da 100,000 cif, domin a kan farashin asali ake ɗora harajin. Ta biyu, daidaita littafin kamfani da takardar banki, inda akwai cek da aka rubuta amma ba a karɓa ba tukuna, da kuɗin hidima da banki ya cire ba a shigar a littafi ba. Ta karanta duka biyun a jami'a, amma wata uku ke nan ba ta taɓa su ba.

Rana ta 21 zuwa ta 30: gwaji da tayi biyu

Ranar Lahadi 22 ga wata aka sake taɓa ƙa'idar. Takarda ta koma 1 a rana, mutane 2 da bibiya 2 suka tsaya yadda suke, aka ƙara awa biyu na bita bayan azahar: lissafin haraji, daidaita banki, da teburin kaya a Excel a kwamfutar wata ƙawarta. A ranakun aiki takwas da suka rage ta kai takardu 6, ta ga mutum 12.

Ranar 24 ga wata makarantar Hajiya ta kira ta. Tayin shi ne mataimakiyar mai karɓar kuɗin makaranta, sefa 35,000 a wata, babu rubutacciyar yarjejeniya, babu albashi a watannin hutu. Dokar da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a sefa 60,000 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na noma ba. Ba ta yi musu da su a kan doka ba, saboda darajar Hajiya. Ta gode, ta nemi a ba ta mako guda.

A ranar ta kira akantan kamar yadda suka yi. Washegari ya kai ta sito da kansa, ƙaninta na biye. Alhajin bai buɗe sebe ɗin ba. Ya tambaye ta 'yar wa ce, da ta faɗa sai ya ce ya san shagon mahaifinta.

Ya ce, "Yarinya, ni ban san takarda ba. Ga buhun nan, ki yi kwana uku ki gaya min abin da ke cikin sitona."

Ta ce, "To Alhaji, in ka yarda a ba ni yaro ɗaya mu ƙirga kayan tare, kuma kada a fitar da komai sai an faɗa min."

Daga 25 zuwa 27 ga wata ta jera takardun shigar kaya da na fita na wata biyu bisa kwanan wata, ta yi wa kowane irin kaya shafinsa: abin da ke nan a farko, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya kamata ya rage. Sannan aka ƙirga na ƙasa. Man girki ya yi daidai. Shinkafa ta gaza da buhu 14. Ba ta kai wa Alhaji maganar a matsayin ɓata ba. Ta tambayi yaran sito da Fillanci ko akwai kayan da ke fita ba takarda, sai ga shi Alhajin da kansa yakan ba wasu tsofaffin abokan cinikinsa bashi da baki, ya riƙe a ka. Ya tuna 11 nan take, sauran uku aka gano su a wayar ɗansa. Ta ba da shawarar a ajiye littafin bashi daban, kada buhu ya fita sai an rubuta sunan mai ɗauka, ko da Alhaji ne ya ba da umarni.

Ranar Litinin 30 ga Oktoba, rana ta 29, aka yi mata tayi: gwaji na wata uku a kan sefa 70,000 a wata, daga ƙarfe takwas zuwa la'asar, akantan zai riƙa duba aikinta. Kawun ya nace a rubuta, akantan ya rubuta shafi ɗaya, suka sa hannu. A rana ta 30 ta je ta ba Hajiya haƙuri da bakinta, ta kuma kira mutum tara da suka ba ta sunaye ta gaya musu inda aka tsaya.

Jimlar watan: takardu 49, mutane 45, kira zuwa gwaji ko ganawa 3, tayi 2, kuɗin da aka kashe 51,000 cikin 55,000.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina ƙa'idar biyar a rana ta yi wa wannan gari yawa. Garwa ba ta fitar da sanarwar aikin lissafi biyar a rana ga wanda bai taɓa aiki ba, kuma in adadin da aka ɗora wa mutum ya wuce abin da ke ƙasa, zai cike shi da shara. Goma sha uku cikin 19 na imel ɗin makon farko haka suke. Gaggawar cika adadin ce ma ta sa ta tura takarda inda 'yan damfara suka same ta. Duk da haka makon bai tafi a banza ba, domin littafin da aka tilasta mata rubutawa shi ya nuna ɓarakar a rana ta 10. Wata ukun da ta yi tana turawa ba rubutu, irin wannan kuskuren take yi, babu kuma wanda ya gani.

Duka kira ukun da ta samu akwai mutum a tsakani. Biyu ta sarƙar gwaggo da Hajiya da akanta suka zo, ɗaya ta komawa da kwafi mai hatimi. Mutum 17 na farko ba su kawo komai ba, saboda yawancinsu masu nema ne irinta. Na baya 28 sun bambanta da su ta abu biyu: suna cikin aiki, kuma abin da aka roƙe su abu ne da za su iya bayarwa. Shi ya sa nake ganin sharaɗin da aka ɗora wa ƙirgar mutane, cewa sai an tashi da suna ko lokaci ko izini, ya fi adadin kansa muhimmanci. Da an sa bitar awa biyu tun rana ta 3, wataƙila da jarrabawar bankin ba ta kuɓuce ba. Shirin farko bai tanadi abin da za a yi in an kira ta ba, kuma wannan giɓi ne babba.

Akwai iyaka ga abin da lamarin ke nunawa. Mutum ɗaya ce, fanninta kuma yana da kasuwa a wajen ofisoshin gwamnati. Wanda ya karanta tarihi ko ilimin ƙasa ba zai sami Alhajin da ke jiran sa da buhun takardu ba, jerinsa na wurare 40 zai fi wuyar haɗawa. Sunan mahaifinta ya yi mata aiki, harsunanta ma haka, kuma sa'a ce gurbin ya kasance a buɗe a wannan watan. Kwana 30 kuma ba su isa a yanke wa hanyar sanarwa hukunci ba. A watan Disamba, ɗaya daga cikin takardu shidan nan da suka dace ta haifar da kira zuwa jarrabawa a Marwa, wata biyu bayan turawa. Ba ta je ba saboda tana tsakiyar gwajinta, amma wanda zai bi wannan tsari kada ya daina tura wa sanarwar da ta dace da shi, ya dai daina ƙirga wadda ba ta dace ba.

A ƙarshen Janairun 2024 Alhajin ya tabbatar da ita a kan albashin nan na 70,000. Rajistar CNPS, asusun fansho da kula da ma'aikata, wadda doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci tun daga ranar ɗauka, ba a sa ta cikin takardar Oktoba ba, kuma ba a yi ta a watanni ukun gwajin ba. Akantan ya ce zai haɗa maganar da aikin bayanin shekara, kawun kuma ya sa ta rubuta ranar da za ta sake tambaya.